Ɗan ajinmu ya zama babba, ta ina zan fara masa magana?

Nura Mai Sola: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema. Mun gama sakandare a 2014, na yi difloma a fannin lantarki, yanzu ina haɗa wa manoman rani famfon sola a nan wajen Auyo. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 mutane suke ta tambaya, amma yawancinsu ba su da kuɗin biya lokaci ɗaya, ni kuma ba ni da jarin da zan sayo kaya in ba da bashi. To akwai wani ɗan ajinmu da yake aiki a wani babban shagon kayan sola a Kano, an ce shi ne mai kula da sito. Muna guruf ɗaya na 'yan aji, amma rabon da mu yi magana ni da shi ya kai shekara tara. Na tura masa saƙo sau biyu, ya karanta, bai amsa ba. In sake turawa, ko in haƙura?

Usaini Direba: Haƙura kawai ƙanena. Waɗannan ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai na masu kuɗi ne. Ranar taro su za a ba kujerar gaba, kai da ka taso daga ƙauye sai dai ka ci shinkafa ka yi hoto ka dawo da kuɗin motarka.

Malam Sabo: Wa alaikumus salam. Nura, kafin a yanke wa yaron nan hukunci, kwafo mana abin da ka rubuta masa, yadda yake.

Nura Mai Sola: Na farko na ce: "Salam oga, kwana da yawa, ya aiki?" Bayan sati biyu na ce: "Oga don Allah a taimaka mana da duk abin da ya samu, abubuwa sun yi wuya."

Malam Sabo: To ai ka ga inda gizo yake saƙar. Ni na riƙe sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu shekara shida, kuma irin wannan saƙon na gan shi ya fi a ƙirga. Ka sa kanka a matsayinsa. Mutumin da rabonsa da kai shekara tara ya ce a taimaka da duk abin da ya samu. Me zai fahimta? Kuɗi kake roƙo. Idan ya amsa, yana tsoron gobe ka turo lambar asusu. Idan ya ce babu, ya ji kunya. Mafi sauƙi a gare shi ya yi shiru, shi ya sa ya yi shiru. Ba lallai girman kai ba ne. Kai da kake da sana'a a hannu, kana da manoma suna jiran kaya, ba ka ambaci ko ɗaya daga ciki ba. Ka je masa a matsayin mai bara alhali kai ciniki ka kawo masa.

Kuma ka daina ce masa oga. Wanda kuka ci gabza a faranti ɗaya, kuka yi noman hukunci tare, sunansa za ka kira. Da ka ce oga ka riga ka gina katanga tsakaninku da hannunka.

Baffa Ado: Ni abin da na sani sai an yi wa ƙungiya rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC sannan take da ƙarfi. Namu mun yi, an sa amintattu, an buɗe asusun banki. Nura ku je ku yi rajista tukuna.

Malam Sabo: Baffa, rajista tana da amfaninta, musamman idan za a tara kuɗin gyaran ajujuwa ko a karɓi gudummawa. Amma ba ita yaron nan yake tambaya ba. Takardar rajista ba ta sa ɗan aji ya ɗaga waya.

Baffa Ado: Au, na ɗauka ƙungiyar suke son kafawa. Ku ci gaba.

Alhaji Ɗanlami: Bari in ba Nura labarina, don ya yi kama da nasa, kuma yana da daɗi da ɗaci. Ni riɗi nake saye. Shekaru da dama ina bin kasuwannin ƙauye, Gujungu ranar Lahadi, Maigatari ranar Alhamis, in tara 'yan buhuna in sayar wa dillalai a nan gida. Su ne suke kaiwa Dawanau su ci ribar. Na san akwai wani ɗan ajinmu da yake awo da karɓar kaya a siton wani mai fitar da riɗi waje, amma ban taɓa tunkararsa ba. Mun haɗu a wajen ta'aziyyar wani malaminmu, muka gaisa, na karɓi lambarsa. Ban ce masa komai a wurin ba, wurin makoki ba wurin ciniki ba ne.

Bayan kwana goma na kira shi. Ban ce ya saya a wurina ba. Tambaya ɗaya na yi masa: wane irin riɗi kuke mayarwa, kuma me yake sa ku zaftare kuɗi? Mutum yana son a tambaye shi abin da ya sani. Ya yi mini bayani kusan rabin awa. Ya ce abu uku ne: ɗanshi, ƙasa da tsakuwa, da cakuɗa fari da ja a buhu ɗaya. Ya ce yawancin ƙasar daga wajen kaɗewa take shiga, idan manomi ya kaɗe a ƙasa tsirara maimakon kan tamfal. Kuma su da kilo suke saye a sikeli, ba da kwano ba, saboda haka duk dattin da suka tace daga nauyinka za a cire.

Da kaka ta zo na sayi buhu goma da kuɗina, na sa mata suka sheƙe suka rairaye, na ware fari daban, na ɗora a mota na kai da kaina. Ban nemi kafin alƙalami ba, ban nemi ya yi mini farashi na musamman ba. Abin da ya yi mini kawai shi ne ya shigar da ni wurin maigidansa ya ce, wannan tare muka yi makaranta, a duba kayansa. Aka zura ƙarfe aka ɗebi samfur, aka auna, aka biya ni. Na biyu na kai arba'in. Sai a shekara ta biyu maigidan da kansa ya ce a ba ni kuɗi in saya musu.

Nura Mai Sola: Alhaji to ina ɗacin?

Alhaji Ɗanlami: Yana zuwa. Da labari ya bazu a gurufinmu cewa na samu ƙofa, sai wani ɗan ajinmu ya zo har gida. A makaranta shi ne mai jan mu sallah, ba a taɓa kama shi da ko satar sabulu ba. Ya ce in kai shi. Na ce ya fara da buhu goma kamar yadda na yi, ya ce shi ba shi da jari, sai dai a ba shi kafin alƙalami. Kunya ta kama ni, na je na tsaya masa, aka ba shi kuɗin buhu sittin. Ya kawo arba'in da biyu, a ciki ma da aka farke wasu, sama riɗi mai kyau, tsakiya ƙasa da ɗanye. Sauran kuɗin ya ce ya biya bashin taki. Ni na cika daga aljihuna, kuma duk da haka wannan kakar ba su sake ba ni ko sisi ba. Wanda ya shigar da ni shi ma sai da ya sha faɗa a wurin maigidansa. Mutum ɗaya ya ɓata, mu uku muka ji a jikinmu.

Abin da na gane shi ne, halin da na san shi da shi na ɗan shekara sha shida ne. Ban san shi yana da mata biyu da bashi a wuya ba. Makaranta ta nuna mini yaron, ba ta nuna mini magidancin ba.

Usaini Direba: Ai ga irinta nan. Shi ya sa na ce babu komai a harkar sai ɓacin rai.

Alhaji Ɗanlami: A'a Usaini, har yau ta wannan ƙofar nake cin abinci, na koma bayan shekara ɗaya. Laifina ne da na tsallake matakin da ni kaina na bi.

Malam Sabo: Nura, ka karanta labarin Alhaji sau biyu, don a ciki akwai dalilin shirun abokinka. Abin da kake so a zahiri, kaya bashi daga shagon da ba nasa ba, yana nufin ya ɗora sunansa da aikinsa a kanka. Idan ka gaza, shi za a kora. Ba wanda zai yi wannan saboda kun zauna benci ɗaya. Abin da zaman aji yake saya maka ƙarami ne amma yana da tsada: za a ɗaga wayarka, za a gaya maka gaskiyar yadda wurin yake aiki, kuma wataƙila a shigar da kai ofis a ce a saurare ka. Daga nan aikinka ne zai yi magana.

Usaini kuma yana da rabin gaskiya. Akwai bambanci tsakanin uwar ƙungiya da 'yan aji. Uwar ƙungiya ta manya ce, can ake jawabi, a ba da lambar yabo, a yi alkawarin katange makaranta. Mutane suna jin labarin BOBA ta Barewa, makarantar da ta faro a Katsina a 1921, wadda ta yaye su Tafawa Balewa da Sardauna da Gowon da Murtala da Shagari da 'Yar'aduwa, sai su ɗauka kowace ƙungiya haka take raba muƙamai. Ko KASSOSA ta makarantun kimiyya, da aka fara da Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, wadda take cike da likitoci da injiniyoyi. Amma ko a irin waɗannan, abin da yake motsa al'amarin mutum ɗaya yawanci a tsakanin 'yan shekara ɗaya yake faruwa, waɗanda suka san sunan tsokanar juna. A babban taro za ka gaisa da kwamishina, gobe ba zai tuna fuskarka ba.

Usaini Direba: Malam ai Ɗangote ma a Birnin Kudu ya yi sakandare. Duk 'yan ajinsa attajirai ne?

Malam Sabo: Ka ga ka taimaka mini da hujja, Allah ya yi maka albarka.

Malama Rabi: Ni ina karantawa ina dariya, don duk maganarku ta maza ce. Mu da muka yi makarantar 'yan mata ta kwana, aure ya watsa mu, wata tana Gumel, wata Kazaure, wata Legas, lambobi sun canza, wasu ma mazajensu ba sa son guruf. Sai da muka shekara biyu muna neman juna ta hanyar iyaye da ƙannai. Taro a otal a Kano ba ya yiwuwa gare mu, a bikin 'ya'ya da suna muke haɗuwa. Amma ta nan na samu labarin karatun ƙarin ungozoma da na yi. Wata 'yar ajinmu ce da take koyarwa ta turo mini cewa an buɗe fom, ta gaya mini takardun da ake yawan mayar da mutane saboda su, ta duba nawa kafin in kai. Ba ta sa baki a ɗauke ni ba, jarrabawa na zauna kamar kowa. Da ba ta faɗa ba, ina asibitin ƙauye, sai an rufe zan ji.

Abin da zan ƙara wa Nura: a gurufinmu mun san waɗanda ba sa magana sai suna da buƙata. An yi rasuwa shiru, an yi haihuwa shiru, ana tara dubu ɗai-ɗai don wadda aka kwantar shiru, ranar da za su tallata atamfa sai ga su da sallama mai tsawo. Ba a faɗa musu, amma kowa yana lura. Kai yaya kake a naku?

Nura Mai Sola: Gaskiya Anti ban cika magana ba. Kuɗin wata ma dubu ɗaya ne, ina bin kusan shekara.

Malama Rabi: Ana bin ka dai. To fara da nan. Ma'ajin kuɗi yakan sa sunayen waɗanda suka biya, abokin naka yana gani.

Usaini Direba: Wato sai ka saya kenan.

Malama Rabi: Yaya Usaini, ko a unguwa wanda ba ya zuwa jana'izar kowa ka san yadda tasa take kasancewa.

Alhaji Ɗanlami: Akwai kuma abin da mu na ƙauye muke rainawa a kanmu. Muna ganin mu ne masu nema kullum. Alhali 'yan ajinmu na birni suna da buƙatu a nan da ba su da wanda za su amince masa. Wani yana son a saya masa shinkafa shanshera lokacin girbi a ajiye. Wani ragon layya yake so daga Maigatari ba tare da dillali ya yanke shi ba. Wani ya sayi gona a gefen Hadejia, ya bar wa mai gadi, bai san abin da ake ciki ba. Ni buhun gero biyu na taɓa saya wa wani ɗan ajinmu ma'aikacin banki, na tura masa da canjinsa har naira ɗari uku. Wannan canjin ya fi mini takardar shaida. Shi ne daga baya ya zaunar da ni ya nuna mini yadda ake tsara takardun neman rance.

Malam Sabo: Madalla. To Nura ga yadda nake ganin saƙon. Ka gyara da bakinka, kada ka kwafa kamar aikin gida:

"Salam Auwalu, Nura ne na gidan kwanan su wane, wanda muke zama layin taga. Ina Auyo yanzu, ina haɗa wa manoman rani famfon sola, bana na haɗa guda bakwai, ga hoton biyu daga ciki. An ce kana harkar kayan a Kano. Ina son in tambaye ka abu ɗaya idan ka samu minti biyar: wane famfo ne ba a cika dawo muku da shi ba, kuma ta yaya zan gane farantin sola na gaske da wanda aka canza wa takarda? Ba gaggawa."

Ka lura ba bashi a ciki, ba kuka. Ka tuna masa ko kai wane ne, ka nuna aikinka, ka tambayi abin da zai iya amsawa yana tsaye a bakin sito ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Idan ya amsa, sayayyarka ta gaba ka yi ta a shagonsu da kuɗi a hannu, ko da faranti huɗu ne, ka karɓi rasit da sunanka. Ka yi haka sau uku ko huɗu. Ranar da za ka nemi a ɗaga maka ƙafa na sati biyu, littafinsu ne zai yi maka shaida, shi abokinka abin da zai ce kawai shi ne na san gidansu.

Nura Mai Sola: Malam guda biyar na haɗa, ba bakwai ba. Kuma sunansa ba Auwalu ba.

Malam Sabo: Ai misali ne. Rubuta biyar. Kada ka ƙara ko ɗaya, wanda yake cikin harka da tambaya biyu zai kama ka.

Sani Lissafi: Ni ina da wata shawara daban. Me zai hana ƙungiyar aji ta riƙa tsaya wa 'ya'yanta? Kuɗin wata yana taruwa a asusu ba ya komai sai ta'aziyya da biki. Idan irin su Nura suna buƙatar mai tsaya musu, ƙungiya ta rubuta takarda, idan ya gaza a cire daga asusu. Nauyin ya rabu a kan mutum tamanin maimakon mutum ɗaya kamar yadda ya faɗa wa Alhaji.

Malam Sabo: Mun gwada irin wannan a namu, rance muka riƙa bayarwa. Mutum huɗu na farko biyu suka biya. Sauran biyun ba wanda ya iya zuwa ya karɓo, don ba ka kai ɗan ajinka gaban alƙali. Daga nan masu biyan kuɗin wata suka ja baya, suka ce ba za su tara wa wasu jari ba. Sai da muka kusa rasa har kuɗin ta'aziyyar.

Sani Lissafi: Wannan rashin tsari ne Malam, ba laifin shawarar ba. A ware asusu daban, wanda yake so ya shiga, a sa iyaka, a ce sai wanda ya shekara biyu yana biya, kuma ya kawo mutum biyu cikin aji su sa hannu. Adashi ma ai haka yake tafiya kuma bai mutu ba.

Alhaji Ɗanlami: Mutum biyun da za su sa hannu ai sun koma ni kenan.

Sani Lissafi: Amma da iyaka, kuma da saninsu. Kai buhu sittin ka ɗauka kai kaɗai.

Malam Sabo: Ban ƙi ba, idan kun gwada ya shekara uku ku zo ku ba mu labari. Ni dai na ga nawa.

Malama Rabi: Kafin a rufe, tun da ana maganar guruf. Watan jiya an ƙwace lambar wata 'yar ajinmu. Kira aka yi mata aka ce daga ƙungiya ne, za a yi taro ta waya, ta karanto lambobi shida da aka turo mata. Tana karantowa suka shige WhatsApp ɗinta, suka bi mu ɗaya bayan ɗaya da sunanta, wai akwai gurbin aiki a Dutse a turo kuɗin fom. Mutum biyu sun tura. Duk ɗan ajin da ya turo maganar kuɗi ko gurbin aiki na sayarwa, a kira shi a ji muryarsa tukuna.

Usaini Direba: Wannan kam gaskiya ne, an yi wa ƙanina.

Nura Mai Sola: Na gode ƙwarai. Na biya bashin wata shida yanzu, sauran sai an biya ni aikin da na yi jiya. Na tura saƙon da gyara kamar yadda Malam ya ce.

Nura Mai Sola: Ya amsa. Ya ce wallahi ya ɗauka wani Nuran ne, mu uku ne a ajin. Ya ce in kira shi bayan isha'i, kuma in turo masa zurfin rijiyoyin da nake sa wa famfon da faɗin bututunsu, don ya ce yawancin famfon da ake dawo musu da shi ba lalacewa ya yi ba, an sa shi ne a inda ya fi ƙarfinsa.

Alhaji Ɗanlami: To ka auno da gaske kafin isha'in, kada ka ce masa kamar kaza. Kuma yau kada ka ambaci bashi.

Nura Mai Sola: In sha Allahu. Uku suna kusa, yanzu zan hau babur. Biyun suna wajen Kafin Hausa, sai dai in kira masu gonar.

Usaini Direba: Gobe da safe zan bi ta Kafin Hausa da fasinja. Idan ba su ɗaga ba ka shirya igiyar awonka, ƙarfe bakwai ina tasha.